Malam Yusha'u da Takardun Shekarar Fari

Malam Yusha'u mutumin Rawayya ne, ɗan manomi, wanda aka sa makarantar elemantare a Bungudu don kawai ba a samu wanda ya ɓoye shi ba ranar da aka zo ɗibar yara. Ya yi midil, ya ɗan koyar, daga nan aka gane baiwarsa ba a allo take ba, a kunne da baki take. In mutum ya yi magana da Turanci, kafin ya rufe baki Yusha'u ya mayar da ita Hausa, ba ragi ba ƙari. Fulatanci ma yana ji daidai gwargwado, don ya yi kiwo da 'ya'yan Fulani yana yaro. Haka ya zama tafinta a wani ofishi a Gusau. Taron masu auduga, zuwan malaman gona, rikicin makiyaya da manoma, duk shi ake kira. Shekara ashirin yana tsaye tsakanin mutane biyu, wannan ya faɗa masa, shi ya faɗa wa wancan.

Sai aka yi shekarar sanƙarau, ta shiga gidansa a Tudun Wada ta kwantar da shi da matarsa Indo tare. Shi ya tashi, ita ba ta tashi ba. Da ya warke sai ya tarar kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama kuwa sai an matso an ɗaga murya, sannan ya ji kamar daga ƙasan rijiya. 'Yarsu ɗaya ce, Huseina, tana aure a Zariya wurin wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Ta zo ta yi zaman makoki ta koma.

Ofis bai sallame shi ba. Shugabansu, Malam Mu'azu, mutum ne mai kara, ya ba shi wani ɗan ɗaki a baya inda ake tara fayil-fayil, ya ce ya riƙa fassara takardu. Mutane ba su guje shi ba, gajiya suka yi. Wanda ya faɗi magana sau biyu, a na uku sai ya yi murmushi ya ce, "Bar shi, Malam, ba komai." Majalisar da yake zama bayan la'asar a gindin dalbejiya, in aka yi dariya sai shi ma ya yi, ba tare da ya san abin da aka faɗa ba. Wata rana ya yi dariya, ashe rasuwa ake faɗi. Daga ranar bai koma ba.

A shekarar 1974, bayan farin da ya cinye amfanin gona da dabbobi, aka kafa wani kwamiti ya zaga ƙasar Tsafe da Mada da Bungudu ya ji ta bakin mutane: ina ruwa ya ƙafe, ina ya rage, ina ya kamata a fara haƙa rijiyoyi. Suka tafi da rikoda, duk wanda ya tashi ya yi magana aka ɗauka. A da Yusha'u ne zai zauna kusa da shugaban kwamiti. Wannan karon ta taga ya ga tashin motarsu.

Mai buga tafireta na ofishin, Bashiru, ya kwashe damina yana sauraron tef yana bugawa, kalma bayan kalma, da kwafi na kabon. Da ya gama, takardu suka haura shafi ɗari biyar. Kwamiti kuwa ya ce abin da za a kai Sakkwato kada ya wuce shafi ashirin, da Turanci, kuma a kai bayan ƙaramar Sallah. Ga azumi ya kama.

Malam Mu'azu ya shigo ɗakin baya da tulin takardun a rungume, ya dire a tebur, ya sunkuyo ta kunnen dama.

"Malam Yusha'u! Wanga aiki ya fi ƙarfin mutum guda! A raba shi uku! Mas'udu ɗaya, Dalhatu ɗaya, kai ɗaya! In sun taƙaita, kai za ka haɗa!"

Mas'udu da Dalhatu akawuna ne na gaban ofis. Yusha'u da kansa ya yi rabon. Ya duba lambar shafin ƙarshe, ya kasa uku daidai wa daida don kada wani ya ce an danne shi, ya ɗaure kowane kashi da zare. Nasa ne na ƙarshe, zaman da aka yi a Bungudu.

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ya ji daɗin karatun nan fiye da yadda ya dace da labarin fari. Bashiru bai gyara maganar kowa ba. Ga mai rantsuwa, ga mai kwana-kwana, ga tsohon da ya fara da tarihin kakansa kafin ya zo kan rijiya, ga inda aka rubuta "an yi dariya". Rabonsa da jin mutane suna magana haka, ba a daka masa tsawa ba, ba a gutsuro masa ba, tun kafin ciwon. Yakan karanta yana motsa baki. In ya tashi daga ofis ya koma gida, maƙwabciyarsa Inna Hanatu, wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, takan miƙo masa kunu ta kan katanga. Da yake ba ya jin kiran salla, ita ke ɗaga masa hannu in rana ta faɗi. Ya sha ruwa shi kaɗai a kan tabarma, kansa cike da muryoyin mutanen da bai taɓa gani ba.

Da taƙaitawar Mas'udu da ta Dalhatu suka zo, ya jera su da tasa, ya fara haɗawa. Aiki ya tafi sumul. Ya ware garuruwan da ruwansu ya ƙafe, ya ware waɗanda suka tsira. Cikin waɗanda suka tsira har da wata Tungar Yari, can gefen 'Yankuzo, domin layin ƙarshe na Mas'udu cewa ya yi: "Jibo na Tungar Yari ya ce rijiyarsu ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a wannan farin." Ya riga ya rubuta sunan tungar a cikin waɗanda ba su da gaggawa.

Abin da ya tsayar da shi layin farko ne na Dalhatu: "Wani mai magana, ba a faɗi sunansa ko garinsu ba, ya ambaci rijiyar da ta rufta." Layi ne maraya, ba shi da inda za a sa shi. Saura kaɗan ya soke shi, don shafi ashirin ba su da wurin maganar da ba ta da mai ita. Sai ya tuna Bashiru ba ya fara maganar mutum bai sa sunansa ba. In babu suna a kashin Dalhatu, to sunan yana wani wuri.

Ya je ya karɓo asalin kashi na ɗaya da na biyu, ya ɗauki shafin ƙarshe na wannan da na farkon wancan, ya ajiye su gefe da gefe. Shafin Mas'udu ya ƙare da cewa, "Rijiyarmu tun kakanni ba ta taɓa ƙafewa ba, ko wanga fari ruwa na nan ƙasa," na Dalhatu kuma ya fara da, "amma mi za mu yi da shi, tun da bakinta ya rufta bara ba mai iya ja, matanmu sai su kwashi rabin yini kafin su dawo da tulu guda."

Magana ɗaya ce, ta mutum ɗaya, zaren Yusha'u ne ya raba ta biyu. Mas'udu bai yi ƙarya ba, Dalhatu bai yi ƙarya ba, amma da an haɗa gaskiyarsu yadda take, da an kai Sakkwato cewa Tungar Yari na da ruwa. Ya duba ɗaya mahaɗin, tsakanin kashin Dalhatu da nasa, ya tarar nan ma an yanke wani mai unguwa yana tsakiyar amsa tambaya, shi kuma ya taƙaita amsar bai san tambayar ba.

Ya kai wa Malam Mu'azu shafukan biyu. Mu'azu ya karanta, ya cire tabarau, ya kira sauran.

"Ni na raba," in ji Yusha'u, muryarsa ta fi ƙarfin ɗakin, don ba ya jin kansa. "Da lissafin shafi na raba, ba da magana ba. Sai mun sake."

Mas'udu ya yi wata magana yana nuna agogo, yana nuna bakinsa da azumi ya busar. Yusha'u bai ji ba, amma ya gane. Mu'azu ya ɗauki fensir ya rubuta masa a bayan ambulan: "Yana cewa duka za a sake, ko mahaɗan kawai?"

Suka zauna suka tsara, rabi da tsawa rabi da fensir. Za a yanke kashi ne inda zama ya ƙare ko inda mai magana ya zauna, ko da wani ya fi wani yawa. Tun da akwai kwafin kabon, kowa za a ƙara masa shafi biyu daga ƙarshen kashin da ya gabace shi da biyu daga farkon na gaba, don ya san daga ina aka fito. Dalhatu ne ya kawo shawarar da ta fi amfani: kowace magana a rubuta ta a layinta daban, da sunan mai ita, da garinsu, da lambar shafi, yadda mai haɗawa zai iya komawa ya duba. Abin da mutum bai gane ba kuma kada ya yar, ya sa shi a ƙasa ya ce bai gane ba. Wannan yana nufin sake karatun duka. Mas'udu ya yi tsaki, ya ɗauki kashinsa, kuma ya yi shi da kyau.

Suna kawowa suka koma aikinsu na gaban ofis, aka bar Yusha'u da ɗakinsa. Ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, ya sa reza ya yanka taƙaitawar nan layi-layi, ya tara kowane gari wuri ɗaya, ya danne da tsakuwa. Yanzu ba ruwansa da kashi na ɗaya ko na uku. Mutumin Mada da ya yi magana a farkon zama, ya kuma tashi a ƙarshe ya gyara abin da ya faɗa, ga maganganunsa biyu kusa da juna, sai a ɗauki gyaran a ambaci cewa gyara ne. Inda shafukan ƙari suka sa mutum biyu suka taƙaita abu ɗaya, ya gwada su da asali ya bar guda. Inda manomi ya ce shanu suka ɓata tafki, makiyayi ya ce tafkin ya riga ya zama laka, bai zaɓa ba, ya sa duka biyu da sunayensu.

Da ya haɗa ya fassara, abu ya tashi shafi sittin. Ya fara matsewa. A nan ya ga yadda abin yake ɓacewa. Matsewar farko ta cinye sunayen mutane. Ta biyu ta cinye dalilai, rijiyar da ta rufta da wadda ta ƙafe da wadda ruwanta ya yi zartsi duk suka zama "ƙarancin ruwa", alhali ɗaya gyara take so, ɗaya a yashe ta, ɗaya kuwa sai a haƙa sabuwa a wani wuri. Ya yage wannan. Ya sake rubuta shafi ashirin ɗin, amma ba daga matsattsen ba, daga tulin da ke kan tabarma, kowane gari da irin matsalarsa a layi guda da lambar shafinsa. Shafi sittin ɗin kuma ya roƙi Mu'azu a maƙala su a baya su zama rataye.

Mu'azu ya rubuta a ambulan: "Ba za su karanta ba."

"In wani ya so dubawa, ya samu," in ji Yusha'u.

Mu'azu ya ɗaga kafaɗa ya yarda.

Saura 'yar takarda ɗaya da ba ta da tuli. A zaman Bungudu wani arɗo ya ce tun da Rijiyar Marke ta rufta suka canza hanyar shanu, suka taru a rijiyoyin wasu ƙauyuka har suka ƙafar da su. Bai faɗi inda Rijiyar Marke take ba, don duk wanda ke wurin ya sani. In ita ce ta Tungar Yari, to gyaranta ba na tunga ɗaya ba ne, zai sauƙaƙa wa garuruwa da dama, ya kamata ta hau sama. In wata ce daban, to akwai rijiyar da rahoton bai san wurinta ba. Ya koma maganar Jibo, ya tarar daidai inda tsohon ya ce "wadda Fulani ka ce ma", Bashiru ya rubuta "ba a ji ba". Ya nemi tef ɗin, aka ce an riga an ɗauki wani taro a kansa. Ya tambayi 'yan ofis da direban kwamitin, ba wanda ya sani.

Kashegarin Sallah, gari na ta ziyara, shi ba inda zai je. Ya sa shafukan Jibo a aljihu ya shiga motar Tsafe, daga can ya samu ta 'Yankuzo, sauran tafiyar ya yi a ƙasa, yana tambaya ana nuna masa da hannu. An yi ruwa a wannan shekarar, gero ya yi kai, amma rabin gidajen Tungar Yari danninsu ya faɗi, ciyawa ta cinye tsakar gida.

Ya sami Jibo zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya, dogon tsoho, ƙashi da fata. Yusha'u ya yi sallama, ya nuna kunnensa ya girgiza kai, ya faɗi abin da ya kawo shi. Jibo ya dube shi. Ya ajiye igiyar, ya kama hannunsa kamar wanda ya san shi, ya ja shi bayan gari. Ga rami nan, bakinsa ya zube ciki, an jibga ƙaya a kai don dabbobi. A gefensa wani ƙaton marke. Jibo ya dafa itacen, ya matso kunnen dama.

"Ita ce! Mu rijiyar Yari muka ce mata! Su Fulani, Marke!"

Aikin da ya kawo shi ya ƙare ke nan, amma Jibo bai sake shi ba. Suka koma ƙofar gida, ya kawo masa ruwa a ƙwarya, ja, ɗan kaɗan. Yusha'u ya fito da shafukan ya ce bari ya karanta masa abin da ya faɗa, in daidai ne ya gyaɗa kai, in ba daidai ba ya hana. Ya karanta tun daga farko. Jibo yana gyaɗawa. Da aka zo "bara", ya ɗaga hannu.

"Bara waccan! Na faɗi ba daidai ba! Damina biyu ke nan!"

Yusha'u ya gyara da fensir. Ya ci gaba har inda tsohon ya ce 'ya'yansa sun tafi kudu ci-rani ba su dawo ba, matarsa Rabi kuma ita ke zuwa ɗibar ruwa duk da ciwon ƙafarta. A nan Jibo bai gyaɗa ba, bai hana ba. Ya juya ya nuna ɗakin da ke bayansa, an rufe ƙofarsa da asabari an danne da itace. Yusha'u ya gane. Ya yi mata addu'a, ya ce shi ma tasa matar ta rasu.

Daga nan Jibo ya fara magana, ba da tsawa ba, da muryarsa ta kullum, yana kallon gona. Ya san baƙonsa ba ya ji. Ya yi ta yi, wani lokaci ya nuna gabas, wani lokaci ya buga cinya, sau ɗaya har ya yi dariya. Yusha'u bai kama ko kalma ɗaya ba. Bai ce a maimaita ba, bai yi kamar ya ji ba, ya dai zauna yana kallon bakin tsohon har inuwa ta juya. Suka yi la'asar tare. Jibo ya raka shi har bakin hanya, ya cusa masa ɗanyar gyaɗa a aljihu.

A rahoton, Tungar Yari ta hau cikin na farko-farko, da sunayen rijiyar biyu, da shafin Jibo da na arɗo. Bashiru ya buga, aka kai Sakkwato kan lokaci. Wasiƙar godiya ta zo da sunan ofis, Mu'azu ya shigo da ita ɗakin baya ya nuna masa, ya dafa kafaɗarsa ya fita. Yusha'u ya share tabarma, ya zubar da tsakuwa. Tulin takardun ya ɗaure ya ɗora a kan kantar ɗakin, ya koma fassarar sanarwar allurar shanu.

Bayan shekara biyu Mas'udu ya dawo daga wani aiki a Tsafe ya rubuta masa cewa masu gyaran rijiya sun je Tungar Yari sun ɗaure bakin rijiyar da siminti. Ko rahoton ne ya kai su, ko wani dalili, babu wanda ya iya faɗi. Yusha'u ya tambayi labarin Jibo. Mas'udu ya ce bai san shi ba, kuma bai tambaya ba.

A 1978 ya yi ritaya. Huseina ta matsa masa ya koma Zariya, ya je ya yi rani ɗaya. Gida cike da jikoki, kowa na son sa, kowa na magana lokaci ɗaya, shi yana zaune a tsakiya yana bin bakuna da ido. Da damina ta matso ya ce zai je ya duba gonar ubansa, ta gane ba zai dawo ba, ta haɗa masa kaya tana share hawaye. A Rawayya ya gyara ɗaki ɗaya a tsohon gidansu, ya shuka gyaɗa da ɗan gero. Mutanen gari suna kawo masa wasiƙun 'ya'yansu na birni ya karanta musu, su zauna kusa da kunnensa na dama su faɗi amsa ya rubuta. Yakan sa su maimaita har sai ya tabbatar, su kuma da yake buƙatarsu ce, ba sa gajiya. A damina ta biyu ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki ya rasu. Saƙo ya isa Zariya bayan an riga an rufe shi. Maƙwabta suka cire gyaɗar da kaka, suka aika wa Huseina.